Cire Farin Gefen Tsohon Hoto Ba Tare da An Yanke Mai Rawani Ba

Duk wanda ya taɓa buɗe akwatin tsofaffin hotunan gidansu ya san kamanninsu: 'yar takarda mai kauri, hoton yana tsakiya, farin gefe ya zagaye shi ta ko'ina. Wani gefen ya koma ruwan ƙasa saboda daɗewa, wani an yanke shi da ƙananan haƙora don ado, wani kuma da rubutun biro a kansa. Ranar da aka buƙaci hoton don kalandar biki, ko littafin tarihin iyali, ko a faɗaɗa shi a rataye a falo, sai a kai shi shagon kwamfuta a ɗora a kan sikana. Abin da ake fara nema bayan haka shi ne a cire farin gefen nan. Aikin yana kama da na minti ɗaya, kuma a nan ne ake yi wa hotuna da yawa ɓarna: a dawo da hoton Baba an rage masa hula, ko a ga yaron da ke tsaye a gefe ya rasa hannu ɗaya.

Kafin a sa almakashi, yana da kyau a san daga ina gefen ya fito. A zamanin da ake wanke hoto a ɗakin duhu, ana shimfiɗa takardar a kan wani faranti mai ƙarafa huɗu da ke danne bakinta don kada ta lanƙwashe. Hasken da ya ratso ta fim yana sauka a tsakiya, wurin da ƙarafan suka rufe kuwa haske bai taɓa shi ba, sai ya fito fari. Abu biyu ne suka biyo bayan wannan, kuma su ne tushen wahalar. Na farko, iyakar da ke tsakanin hoto da farin gefe ba kaifaffen layi ba ce. Idan aka ƙara girmanta a kan allo za a ga wani siririn wuri mai dishi-dishi inda duhu yake narkewa ya koma fari. Na biyu, ba dole ba ne hoton ya zauna daidai a kan takardar. Mai wanki yana iya ɗora takardar a ɗan karkace, ko ƙarfe ɗaya ya goce, ko wanda ya yanke takardar ya ci gefe ɗaya fiye da ɗaya. Saboda haka gefen hagu yana iya zama milimita 5, na dama 4, na ƙasa kuma ya fara da 5 ya ƙare da 6.

A ɗauki hoto guda a bi shi tun daga farko. Takardar inci 3.5 ce a faɗi, inci 5 a tsayi, girman da aka yi yayinsa sosai kafin inci 4 da 6 ya mamaye kasuwa. Dattijo ne a zaune cikin farar babbar riga da farin rawani mai kunnuwa biyu irin na 'ya'yan sarautar Kano, bayansa bango mai farin fenti, ƙaramin yaro kuma yana tsaye dab da gefen dama. Farin gefen kusan milimita 5 ne. Kunnuwan rawanin saura kamar milimita 2 su taɓa iyakar sama. Irin wannan hoton shi ya fi kowane haɗari, domin fari ya haɗu da fari.

Aikin yana farawa tun a kan gilashin sikana. Kada a yanke komai a wannan mataki. A ɗauki takardar gaba ɗaya, har da ɗan fili a kewayenta. Cikin murfin yawancin sikana fari ne, don haka bakin takardar yakan ɓace a cikinsa. Maganin wannan shi ne a rufa baƙin kwali a bayan hoton kafin a saukar da murfi, sai bakin ya fito sarai. Kada kuma a tura hoton can ƙuryar gilashi, domin na'urori da yawa ba sa ganin milimita ɗaya ko biyu na bakin gilashinsu. Idan manhajar sikanar tana da zaɓin yanke gefe da kanta, a kashe shi. A zaɓi 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci, a adana a matsayin TIFF ko PNG. Da wannan ma'auni takardar za ta fito fiksel 2100 a faɗi, 3000 a tsayi, kuma milimita ɗaya ya kama kusan fiksel 24. Farin gefen ya ci fiksel 118 a kowane ɓangare, hoton kansa kuma ya rage kusan 1864 da 2764.

Wannan fayil na farko shi ne uwa, ba a taɓa shi. A kwafe shi, a yi duk aikin yanka a kan kwafin. Ma'ajiyoyin tarihi haka suke yi: suna ɗaukar abu cikakke har da bakinsa, don duk mai dubawa ya tabbata ba a rage komai ba. Kuma gefen ba ko yaushe ne fanko ba. Kamfanin Kodak ya daɗe yana buga wata da shekarar wanki a kan farin gefen hotuna, musamman a shekarun 1950 da 1960. Hoton Polaroid, irin wanda ya fito tare da kyamarar SX-70 a 1972, yana da faffaɗan gefe a ƙasa inda aka ɓoye sinadarin wanki, kuma a nan mutane suka saba rubuta suna da rana. Wasu masu hoto kan buga hatimin situdiyonsu a gefe. Wanda ya yanke wannan ya jefar, ya jefar da shaidar da jikoki za su zo suna nema. A juya takardar ma a ɗauki bayanta.

Sai miƙewa, kuma lallai ita ce kafin yanka. Akwatin yanka na kowace manhaja a tsaye yake ƙyam, hoton kuwa da wuya ya zauna haka. A ce ya karkace da digiri ɗaya tak, abin da ido ba ya saurin kamawa. A kan tsayin fiksel 2764, digiri ɗaya yana gusar da layin gefe da kusan fiksel 48, wato milimita 2. A kan faɗin kuma, kusan fiksel 33. Mai yanka sai ya ja akwati, ya ga wani siririn fari mai tsini ya rage a kusurwa, ya ƙara matsawa ciki har ya ɓace. Ya kori farin, amma a ɗaya ƙarshen wannan layin ya ci milimita 2 na hoton. Idan yatsun yaron nan suna wannan ƙarshen, sun tafi. Idan karkacewar ta kai digiri biyu, asarar ta ninka.

A manhajar Photoshop, kayan yanka na Crop yana da maɓallin Straighten: a ja layi a kan iyakar hoton, manhajar ta juya shi. A GIMP, wadda kyauta ce, kayan awo na Measure ne ke da wannan maɓallin. Abin lura shi ne wane layi za a bi. Ba bakin takarda ba, tunda shi za a zubar, kuma an riga an ga yana iya saɓawa da hoton. Ba kuma layin bango ko ƙofar da ke cikin hoton ba, domin idan mai ɗaukar hoton ya riƙe kyamararsa a karkace tun asali, gyara wannan wani aiki ne dabam da zai ci kusurwoyi huɗu. Layin da ake bi shi ne iyakar da ke tsakanin hoto da fari, kuma a zaɓi ɓangare mai tsayi don awon ya fi daidai. A juya sau ɗaya. Kowace juyawa tana sa kwamfuta ta sake lissafa fiksel, kaifin hoton ya ɗan ragu, saboda haka idan ba ta yi ba a koma baya a sake, kada a ɗora juyi a kan juyi. Idan karkacewar ta yi yawa, gara a ɗaga murfi a gyara zaman hoton a sake ɗauka.

Yanzu an zo ga rawani. A saman hoton, bangon fari ne, rawanin fari ne, gefen ma fari ne, ga shi shekaru sun sa duka sun koɗe. Ido ba ya ganin inda hoto ya ƙare. Amma sikana ta gani, domin farin bango a cikin hoto kusan kullum ya ɗan fi farin takarda duhu, ko da kaɗan ne. Hanyar fito da shi ita ce a kwafi shimfiɗar hoton, a buɗe Levels a kan kwafin, a ja alamar baƙi can zuwa dama. Fuskoki za su dulmuya cikin duhu, kada wannan ya dami kowa. Abin da ake nema shi ne saman: bangon zai koma toka-toka, gefen ya tsaya fari, iyakar ta bayyana, kunnuwan rawanin ma su fito da siffarsu. A ja layin jagora daga ma'aunin da ke gefen allo a ajiye a kan iyakar, sannan a goge kwafin mai duhu. Minti biyu ne, kuma shi ne bambancin mai aiki da sani da mai aiki da ƙiyasi.

Daga nan sai yankan kansa. A tabbata akwatin yanka ba a ɗaure yake da wani ma'auni ba, kamar 4:3 ko 1:1, domin idan a ɗaure yake, jan ɓangare ɗaya zai ja sauran. A bi ɓangarorin ɗaya bayan ɗaya. A ƙara girman allo zuwa 200% ko fiye, a kawo layin daidai inda dishi-dishin nan ya ƙare, hoton ya yi cikakken launinsa. A 600 dpi wannan yakan zama 'yan fiksel ne kawai cikin iyakar. A ce shida, wato rubu'in milimita. Kafin a bar kowane ɓangare a duba ƙarshensa biyu, saboda iyakar na iya zama daidai a wannan kusurwa ta goce a waccan. Shida daga kowane ɓangare ya bar hoto mai fiksel 1852 da 2752. Abin da aka rasa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin ɗari na faɗin hoton ba, kuma kunnuwan rawani suna nan da sararinsu a sama.

Akwai gwaji mai sauƙi na gane ko an gama: a ɗora hoton a kan baƙin fili a duba bakinsa. Idan da sauran fari, zai fito kamar zare mai haske. Mutane da yawa ba sa ganinsa sai hoton ya hau waya mai baƙin allo. Idan zaren ya bayyana a ɓangare ɗaya, wannan ɓangaren kaɗai za a ƙara wa fiksel biyu ko uku. Idan kuma a ɓangaren da yaron yake ne, kuma ƙarin zai taɓa yatsunsa, ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne a bar zaren, ko a shafe shi da kayan gyara a kan kwafin. Ba wanda zai yi kukan siririn layi a gefe, amma hannu mai yatsu uku kowa zai gani. Manhajojin biyu duka suna da zaɓi mai suna Delete Cropped Pixels. Idan aka bar shi a kashe, abin da aka yanke yana ɓoye ne kawai, ana iya jan layin a dawo da shi muddin ba a fitar da fayil na ƙarshe ba.

Tambayar da masu shago kan yi ita ce, me zai hana a bar kwamfuta ta yi da kanta, tunda hotunan ɗari ne? Akwai kayan yin haka. GIMP tana da Crop to Content, Photoshop tana da Trim da kuma Crop and Straighten Photos. Masu aiki da rubutaccen umarni suna amfani da ImageMagick:

```
magick mike.tif -fuzz 10% -trim +repage -shave 6x6 +repage yanke.tif
```

Umarnin -trim yana duba launin kusurwar hoton, ya dinga cire layi bayan layi muddin duk layin wannan launin ne. Shi kuma -fuzz yana faɗa masa iyakar sassaucin da zai yi, tunda farin tsohuwar takarda ba iri ɗaya ba ne ko'ina, sannan -shave ya aske fiksel shida daga kowane ɓangare. Idan an sa baƙin kwali, yankan farko baƙin zai cire, sai an maimaita kafin a kai ga farin. A kan hoto mai duhun bango, wanda aka riga aka miƙe, wannan yana aiki lafiya. Amma yana faɗuwa ta hanya biyu. Ɗigon ƙura ɗaya ko rubutun biro a kan gefen ya isa ya tsayar da shi tun bai kai ga hoton ba. Idan kuma aka ƙara sassauci don a tsallake wannan, to a hoto irin na dattijon nan zai cinye gefe, ya shiga bango, ya bi ta kan rawani, ba zai tsaya ba sai ya ci karo da abu mai duhu, wataƙila inuwar naɗin, wataƙila goshi. Umarnin bai san mutum ba, launi kawai yake gwadawa. Duk hoton da ke da farar riga, farin mayafi ko sararin sama a bakinsa, a ware shi a yi da hannu. Sauran kuma a duba girman fiksel ɗinsu bayan an gama: wanda ya fi 'yan'uwansa gajarta a ɓangare ɗaya, an ci shi.

Hotunan shekarun 1970 da yawa ba su da farin gefe, amma kusurwoyinsu a zagaye suke, sai baƙin kwali ko farin murfi ya leƙo ta nan. Lissafinsu yana da daɗi. Ba sai an yanke duk zagayen daga ko'ina ba. Idan lanƙwasar ta fara milimita 5 daga kusurwa, yanke kusan milimita ɗaya da rabi daga kowane ɓangare ya isa ya kawar da ita. Ko kuma a yanke milimita 5 daga hagu da dama kawai, a bar sama da ƙasa yadda suke, in dai a sama ne kai yake kuma gefunan bango ne. Hoton ne ke nuna inda za a biya kuɗin.

Hoton da ke cikin firam ya fi wuya. In zai fita salin-alin, a fitar da shi, kuma sau da yawa za a tarar da 'yan milimita na hoton da bakin firam ya ɓoye shekara da shekaru, launinsu ma bai koɗe ba. In kuwa danshi ya manne shi da gilashi, kada a ɓamɓare, domin fatar hoton za ta bi gilashin. A ɗauke shi a haka. Sikana mai siririn jiki ba ta ganin abin da bai kwanta a kan gilashinta ba, zai fito a dushe, saboda haka a nan kyamara ko waya ta fi, a inuwa mai haske, fuskarta daidai da fuskar hoton. Idan wayar ta ɗan sunkuya, firam ɗin zai fito saman ya fi ƙasan faɗi, kuma wannan ba juyawa ke gyara shi ba, sai kayan Perspective, irin wanda ke cikin Snapseed. Manhajar PhotoScan da Google ya fitar a 2016 tana haɗa ɗauka da yawa don kashe ƙyallin gilashi, tana kuma barin mutum ya gyara kusurwoyin da ta zaɓa da hannunsa, kuma ya kamata a duba su kowane lokaci. Bakin firam yana jefa inuwa a kan hoton, yawanci a ɓangaren da haske ya fito. Kada a bi inuwar da yanka. A juya firam ɗin ta yadda inuwar za ta faɗa inda ba kowa, a sake ɗauka.

An gama cire gefe, amma hoton bai tsira ba tukuna, domin yanka na biyu yana jiransa a wurin wanki, kuma shi ya fi na farko ci. Hoton dattijon tsayinsa ya kusa ninki ɗaya da rabi na faɗinsa. Takardar inci 4 da 6 ma haka take, don haka zai shiga da asarar kusan fiksel 17 kawai a faɗi. A takardar 5 da 7, sai an cire kusan fiksel 160 daga tsayi. A takardar 8 da 10, wadda ake so don ratayewa, za a cire kusan fiksel 437, wato sama da milimita 18 na hoton asali, kusan kashi 16 cikin ɗari na tsayinsa. Na'urar wanki idan an bar ta a kan cika takarda takan raba asarar tsakanin sama da ƙasa, milimita tara-tara, alhali tsakanin rawanin da iyaka bai kai biyu ba. Tela ba ya rage tsawon mutum don yadi bai isa ba, kuma a nan ma maganin ƙari ne: a buɗe sabon fili mai ma'aunin 8 da 10, a zaunar da hoton cikakke a tsakiya, abin da ya rage a hagu da dama ya zama sabon gefe mai tsabta. Idan tsayin ya cika inci 10, faɗin zai kama kusan inci 6.7, ya bar sama da rabin inci a kowane gefe. Ya fi kyau ma a ɗan rage shi a bar fili a sama da ƙasa, saboda wanki marar gefe yana faɗaɗa hoto kaɗan ya zubar da baki, kuma sabon firam zai rufe wasu milimitocin.

Wajen fitar da fayil, JPEG yana zubar da wani abu duk lokacin da aka sake adana shi, don haka a yi shi sau ɗaya, a ƙarshe, daga kwafin da aka yi aiki a kai. Idan za a tura wa mai wanki ta WhatsApp, a tura shi a matsayin Document, domin turawa ta hanyar hoto tana matse shi ta rage masa fiksel. A faɗa wa mai wankin a fili cewa an riga an daidaita ma'auni, kada ya ƙara yanka, kuma a nemi ganin hoton a kan allonsa kafin ya danna.